Sabulun Ya Aisa a Kan Tattasai

Shekara goma sha bakwai na yi ina ɗaukar hoto a Diffa. Amare sun zauna a kujerar shagona, alhazai masu neman fasfo sun zauna, ƴan lakkwal, wato ƴan makaranta, masu neman kati sun zauna, har sojojin da aka turo daga yamma suna son su aika wa iyayensu shaidar suna nan lafiya. Sau ɗaya tak aka kawo mini abin da ba ya ƙifta ido, ba ya cewa dakata in gyara hula, kuma wallahi shi ya fi ba ni wahala. Sabulun Ya Aisa ne. Ni sunana Gidiyon, mutumin wajen Maraɗi, amma a Diffa Mushe Mai Hoto ake ce mini, mushe na Faransanci, wato malam, ko a coci ma wasu haka suke kirana.

Ya Aisa Babarbariya ce, haihuwar Baruwa, can kusa da Boso. Gajeriya ce mai kauri, muryarta ƙasa-ƙasa, kuma kullum hannayenta suna cikin laffaya kamar mai jin sanyi. Mijinta Malam Ajimi da can masunci ne. Da ruwan tafki ya ja baya ya bar jiragensu a kan busasshiyar ƙasa, sai ya kwaso iyali suka dawo Diffa, ya samu ƴar gona a bakin Komadugu ya shiga noman tattasai kamar kowa. Ita kuwa ta zo da sana'ar kakarta. Tsohuwar tana ƙona karan gero ta tace tokar, ta dafa da mai, ta mulmula baƙin sabulu dunƙule-dunƙule. Kafin ya daskare sai ta danna babban yatsanta a tsakiyar kowane ɗaya, don in mata sun taru wanki a bakin ruwa kada nata ya shiga na wata. Ya Aisa ta taso ta tarar ana haka, ita ma ta ci gaba ba tare da ta taɓa tambayar dalili ba.

A Diffa ta koyi na soda. Tana fasa ƙwallon aduwa ta fitar da mai, ta jiƙa soda ta bar ta ta huce, ta haɗa ta yi ta juyawa da muciya har ya yi kauri, ta zuba a akwatin katako. Washegari ta yanka da waya, ta danna yatsa tun yana da taushi, ta jera a inuwa ya yi sati huɗu kafin ya fita. Iri uku take yi: fari na aduwa, mai kore-kore na darbejiya, da baƙin nan na kakarta. Matata Ladidi ba ta wanka da wani sabulu sai nata, ta nan na san Ya Aisa.

To ga abin da ke cin ranta. Akwai wani ɗan tebur a kasuwa, Lurwanu, shi ya fi kowa sayen sabulunta. Yakan kwashe ya kai gida, ya naɗe kowane ɗaya a takarda mai ƙyalli da rubutun Turanci wadda yake sayowa a tsallaken iyaka, ya jera a teburinsa ya ce na Maiduguri ne. Mata su yi ta rububi. Abin haushin, wasunsu su biyo ta gaban faifan Ya Aisa su ɗauki nata su shinshina su ajiye. Wata maƙwabciyarta Yagana har cewa take yi, da zuciya ɗaya kuwa, "Ya Aisa, naki ma ba laifi, amma da za ki samu mai yin na Maiduguri ta koya miki, da kin huta." Shekara huɗu tana jin wannan magana. In ta ce ai nawa ne, dariya ake yi. In ta daina sayar wa Lurwanu, tukunyar gidanta ce za ta ji a jikinta. Sai ta ƙara cusa hannu cikin laffaya.

A farkon shekarar 2003 Madam Nafisa, wadda ke aiki a biro, wato ofishin masu sana'ar hannu, ta shigo shagona tare da ita. Ta ce za a yi baje kolin sana'ar mata a Yamai, za a buga ɗan littafi mai sunan kowace mace da garinta da hoton kayanta. Wadda aka zaɓa za ta samu rumfa, sunanta ya fito a rubuce. Ana son hoto shida masu kyau, kuma motar biro za ta tashi da ambulan ranar Alhamis ta sama da azahar. Ranar da suke maganar Juma'a ce.

Ya Aisa ba ta damu da rumfa ba. Tambaya ɗaya ta yi.

"Madam, za a rubuta Diffa?"

"Za a rubuta Aisa, Diffa."

"To a ɗauka," in ji ta.

Ni fa a lokacin fim ɗin kala guda ɗaya ya rage mini, mai ɗauka ashirin da huɗu, kuma ba a wanke kala a Diffa. Sai an ba direba ya tsallaka da shi Maiduguri ya dawo. Ba irin na yanzu ba ne da za ka danna ka duba ka goge. Abin da ka ɗauka yana cikin duhu, ba ka ganinsa sai an wanko. Shi ya sa na ce ba zan taɓa kamara ba sai mun rubuta tsari: layi goma sha biyu, kowane layi ɗauka biyu, in ɗaya ta lalace ɗaya ta tsira.

Da yamma muka zauna a tsakar gidan Ya Aisa da kaye da bik, wato littafin rubutu da alƙalami. Na ja layuka na raba shafi: lamba, abin da za a ɗauka, abin da zai kasance a bayansa, kayan da za a ajiye kusa da shi, sai na ƙarshe wanda Madam Nafisa ta kira ambiyans. Ya Aisa ta tambayi ko mene ne shi. Na ce abin da mai kallo zai ji a ransa ne, sanyi ko tsabta ko kewar gida. Ta dube ni ta ce, "Mushe, sabulu ne fa." Na ce na sani, amma wanda ke Yamai ba zai iya shinshinawa ba, idonsa ne zai yi masa aikin hanci. Ta yi ɗan tunani ta ce to a rubuta sanyin safiya, don shi take ji in ta buɗe ɗakin da sabulu ke bushewa.

Da farko na rubuta abin da sana'a ta koya mini. Farin sabulu a kan baƙin zane don ya fito. Baƙi a kan farin ƙyalle. Koren a kan sabuwar tabarma da ganyen darbejiya a gefe. Na kumfa shi ne kusa da ƙarshe, don in sabulu ya jiƙe ya gama aiki, ba ya sake kyau a hoto. Duk a inuwa, ba fitilar kamara, don fitila takan daki sabulu ta mayar da shi farin fili ba fasali, rana kuma takan sa shi gumi. Layi na goma sha biyu na rubuta: hannun mai sana'a riƙe da sabulu.

Muna cikin haka Malam Ajimi ya shigo daga gona. Lokacin shanyar tattasai ne, rabin tsakar gidan ja wur, kan rumfa ja, har kan katanga. Ya leƙa kayen, Madam Nafisa ta karanta masa. Ya ce, "Baƙin zane? Baƙin zane ai ko'ina akwai shi, har Maiduguri. Me zai nuna na Diffa ne?" Ya duƙa ya ɗebo tattasai cike da hannu biyu ya zuba a faifai, ya ɗora farin sabulu guda a kai.

Jama'a, ku zo ku ga kyau! Farin nan ya tashi a kan jan kamar sabon wata. Madam Nafisa ta tafa hannu ta ce, "Shi ke nan! Duk wanda ya ga wannan ya san daga ina ya fito." Ya Aisa ta yi murmushi, abin da ban cika gani ba. Ni kuma, ni da ya kamata in fi su sani, ni baƙon da ya zo daga ƙasar da ba a shanya tattasai a kan katanga, na ɗauki bik na bi layukan nan ina sokewa. Shekarun da na yi a Diffa sun sa tattasai ya shige mini ido har na daina ganinsa a matsayin abin miya. A nan shi ne rufin kwano, shi ne kuɗin makaranta, shi ne kujerar Makka. Ga yadda tsarin ya koma, kayen yana nan har yau:

1. Farin aduwa guda ɗaya, kusa sosai. Baya: tattasai. Kaya: babu. Tsabta.
2. Fari uku bisa juna. Baya: tattasai. Ƴaƴan aduwa a ƙaramin faifai. Albarkar daji.
3. Koren darbejiya. Baya: tattasai. Ganye ɗanye, a tsinko da safe. Lafiyar jiki.
4. Baƙin na kaka a cikin ƙoƙo, tattasai kewaye. Tunawa da gida.
5. Iri ukun tare, daga sama. Tattasai har bakin hoto.

Haka dai har zuwa na goma sha ɗaya, wato kumfa a ƙwarya a bakin kogi, sanyin safiya. Ko shi sai da muka rubuta a ajiye kwandon tattasai a gefe.

Asabar tun da sassafe muka fara. Na kafa kamara a kan ƙafa uku a ƙarƙashin rumfa, na rataya farin zanen gado ta gabas don ya tace rana, na jingina farin kwali a ɗaya gefen ya maido haske cikin inuwar. Malam Ajimi ya zauna yana tsince tattasai ɗaya-ɗaya, mai tabo ya jefar, mai sheƙi ya miƙo, kamar shi za a ɗauka. Ya Aisa ce ke jera sabulun. Na lura duk wanda ta ɗauka sai ta kifa shi, gefen da ke da ramin yatsa ya koma ƙasa. Na ce ta bar ɗaya a buɗe. Ta ce a'a, wannan abin ƙauye ne, na kanti ba ya da rami. Ban ja ba, don rana tana hawa.

Muka gangara kogi muka yi na kumfa. Sau uku ana kaɗa ta, don kafin in daidaita ido ta kwanta. Da muka zo layi na goma sha biyu na ce ta fito da hannu.

"Ba za a ɗauki hannuna ba."

"Ya Aisa, yana cikin tsari."

"Kai ka rubuta, kai za ka soke."

Na yi lallashi, Madam Nafisa ta yi, ko gezau. Raina ya ɓaci, na ce ɗauka biyu za su tafi a banza. Malam Ajimi ya ce ba za su tafi a banza ba, ya je ya sako babbar riga ya hau kan buhunan tattasai ya harɗe. Haka na ƙarasa fim ɗin da shi.

Lahadi bayan mun taso daga coci na kai wa Hamani fim ɗin. Hamani direba ne, Bazabarme, shi ke yi mini jigilar wanki zuwa Maiduguri. Ya ce Talata zai dawo. Talata ta zo ta wuce ba Hamani. Na yi zarya tasha har masu shayi suka fara yi mini dariya. Sai Laraba da hantsi ga shi ya shigo shago, ya ce mota ce ta lalace masa a hanya. Ya Aisa da Madam Nafisa suna zaune tun safe suna jira.

Na buɗe ambulan, na baza hotunan a kan tebur. Ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, kuma ba yabon kai ba ne. Jan ya fito, farin ya fito, ko ɗaya bai girgiza ba. Madam Nafisa tana ta "Mashallah". Ya Aisa ta sunkuya tana kallo, ba ta taɓa ba.

Hamani yana tsaye a bakin ƙofa yana shan ruwa. Ya ce, "Af, Mushe, na manta. Mai wankin ya ce in tambaye ka. Wannan sabulun barkonon, na mene ne? Na ciwon jiki ne ko na korar aljanu?"

Na ce, "Wane sabulun barkono?"

"Wannan mana. Duk mutanen shagon sun taru suna kallo. Wani ya ce shi ko kyauta aka ba shi ba zai kai shi fuska ba, balle a yi wa jariri wanka." Ya matso ya nuna hoto na biyu da yatsa. "Ga aduwa a gefe, an gane da aduwa aka yi. Ga ganye a wancan, an gane da ganye aka yi. To barkonon da ya fi su yawa fa?"

Na sake duba hotunan, wannan karon da idon da na zo da shi daga Maraɗi. Gaskiyarsa. Doka ce da na sani tun ina koyon aiki: duk abin da ka ajiye kusa da kaya a hoto, ka gaya wa mai kallo yana cikinsa. Matar da za ta buɗe littafi a Yamai ba ta san gonar Malam Ajimi ba. Jan abu busasshe za ta gani, idonta ya fara yaji. Hoto ashirin da biyu, babu guda da ba tattasai, sauran biyun kuma Malam Ajimi ne a kan buhu.

Madam Nafisa ta ce ko a rubuta a baya cewa ado ne kawai. Na ce masu zaɓe hoto za su kalla, kuma a littafi ba a buga bayan hoto. Ta ce a yanke gefen da almakashi. Na nuna mata, in aka yanke tattasai sai a yanke sabulun.

Ya Aisa ta miƙe ta gyara laffaya. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da na fi jin daɗi. Cewa ta yi a hankali, "Da na Maiduguri ne, yanzu kuma na barkono. Allah bai yi za a san nawa ba ne. Wushe, sannu, Mushe, ka yi ƙoƙari." Ta nufi ƙofa.

Kunya ta kama ni, haushin kaina ya kama ni, na daka mata kira da ƙarfin da bai dace da babbar mace ba. Na ce ta tsaya. Na tambayi Madam Nafisa ko takardar ta ce lalle sai kala. Ta zaro ta daga jaka ta karanta: hoto shida, masu fitowa sarai, girman kaza. Ba maganar kala. Fari-da-baƙi kuwa ni nake wanke abina a ɗan ɗakin bayan shago, da shi nake hoton kati kullum. In mun ɗauka da la'asar, in wanke fim ya bushe, gobe da safe in buga, kafin azahar suna hannunta.

Na buɗe kayen, na koma kan layukan da na soke, ga su nan ana iya karantawa a ƙarƙashin zanen bik. Na fitar da shida a sabon shafi. Fari a kan baƙin zane. Baƙi a kan farin ƙyalle. Koren, wanda a fari-da-baƙi toka-toka zai fito, na ɗauke shi daga tabarma na mayar kan farin ƙyalle shi ma, da ganye uku kawai don a ga siffarsu. Akwatin katako da wayar yanka. Kumfa a baƙar ƙwarya. Na shida na rubuta hannu, ban ce mata komai ba tukuna.

Da la'asar sakaliya muna gidanta. Na sa aka kwashe tattasai daga kusa, Malam Ajimi yana kwasa yana ƙunƙuni, wai mutanen Yamai ba su san arziki ba. Wannan karon ban sa haske ya zo ta gaba ba. Na jawo tebur bakin rumfa inda hasken yamma ke shigowa a kwance daga gefe guda, don in ba kala, inuwa ce kaɗai ke nuna jikin abu. Ya Aisa ta ɗora farin sabulu a kan baƙin zane, a kife kamar yadda ta saba. Na leƙa. Na ce ta zo ta sa ido a kamara, abin da ban taɓa bari wani ya yi ba.

Ta rufe ido ɗaya da ƙyar ta leƙa. Ta daɗe.

"Me kika gani?"

"Bulo," ta ce. "Farin bulo."

"Na wa?"

Ta ɗago ido daga kamarar. Na ce, "Ya Aisa, mun cire tattasai, mun cire kala. Yanzu ba abin da ya rage da zai ce naki ne. Ko Lurwanu ya ga wannan zai iya rantsuwa nasa ne, kuma ba mai kama shi."

Sai ta zaro hannunta na dama daga laffaya ta miƙo mini shi dab da fuska. Shekara da shekaru na san matar nan, ban taɓa ganinsa da kyau ba. Fatar ta yi fari-fari a wasu wurare, ta tsattsage a gaɓoɓi. Babban yatsan kuwa ya yi sumul yana ƙyalli, farcen ya lanƙwashe, don sabulu kwana ɗaya da zubawa sodarsa ba ta mutu ba, kuma shi take dannawa sau ɗari a sati.

"Ka gani?" ta ce. "Da na je yin katin ɗan ƙasa, sau huɗu suna shafa mini tawada ina dangwalawa, ba abin da ya fito sai baƙin tabo. Yaran biron suna dariya, wai ba ni da yatsa. A gidan biki ba na sa hannu a kwano sai kowa ya tashi. Wannan kake so a buga a littafi mutanen Yamai su gani?"

Tausayinta ya kama ni har na ji ba zan iya ɗaga kamarar ba. Na ce, "In ba ki so, mun bar shi. Wallahi mun bar shi. Sai in ɗauki wani abu." Da gaske nake, na ma ɗauki bik zan soke.

Ta tsaya tana kallon sabulun da ke kan zane. Can sai ta kai hannu da kanta ta juya shi. Hasken nan na gefe ya faɗa cikin ramin, rabinsa ya cika da inuwa, ya fito dagwas kamar gurbin ƙwai a cikin rairayi. Ta sake leƙa kamarar ba tare da na ce ta leƙa ba.

"Takarda ta ƙi shi," ta ce. "Sabulu bai taɓa ƙi ba."

Ta ce to a ba ta lokaci ta ƙunsa lalle ko ya rufe tsagar. Na ce lalle sai ya kwana, rana kuma saura kaɗan ta faɗa bayan katanga, kuma a fari-da-baƙi hannun zai fito baƙi ƙirin ba a ga komai ba. Ta yi tsaki, ta ce ni dai ban da sauƙi. Ta wanke hannu, ta goge a gefen zane, ta ɗauki sabulun a tafin hagu, ta sa babban yatsan dama a cikin ramin. Na ce kada ta motsa. Na danna sau uku.

Alhamis kafin azahar hotuna shida suna cikin ambulan, na bi motar biro da ido har ta sha kwana. Bayan sati biyar Madam Nafisa ta aiko a gaya mana an ɗauke ta. Ta je Yamai, tafiyarta ta farko, ta dawo tana cewa garin hayaniya ce kawai kuma ruwansu ba ya kumfa kamar na Komadugu. Ta dawo da littafin guda biyu, ta ba ni ɗaya. A shafinta hoto ɗaya kawai suka buga cikin shidan, na hannun, a ƙasa an rubuta Aisa, Diffa.

Talatar da ta biyo baya, ranar kasuwa, ta biyo ta shagona ta ce in raka ta. Muka tarar da teburin Lurwanu da mata a kai, har da Yagana tana zaɓe. Ya Aisa ta gaishe shi da kyau, ta tambayi iyali. Ta ɗauki sabulu guda, ta ce a ba ta izini. Ta warware takardar mai ƙyalli a hankali, ta ninke ta ta ajiye masa a gefe. Ta buɗe littafin a kan tebur. Sannan, a tsakiyar kasuwar Diffa, gaban kowa, ta fito da hannunta ta sa yatsan a cikin ramin, ya zauna daram.

Matan suka dubi hoto, suka dubi hannu. Wata ta warware wanda ta riga ta saya, ga rami. Lurwanu ya cire hula ya sosa kai ya mayar, ya ce shi dai ciniki yake, mutane ne ba sa son abin gida sai an ce daga nesa ya zo. Ba wanda ya kula shi. Yagana ta riƙe baki, ta ce, "La ilaha illallahu! Ya Aisa, ashe duk shekarun nan..."

"Kin ce in nemo mai yin na Maiduguri ta koya mini," in ji Ya Aisa. "To ga ta, na kawo miki ita."

Ta rufe littafin ta sa a hammata. Muka taho tare har bakin shagona, tana gaisawa da mutane a hanya, hannunta a waje.